Yadda Tsohon Maƙeri Na Tambuwal Ya Ke Koya Wa Yaronsa Sanin Zinariya

Wanda ya taso daga Sakkwato ya nufi Jega, bayan ya ci kimanin kilomita 100 zai iske Tambuwal, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna. Ba a san Tambuwal da haƙar zinariya ba, amma zinariya tana zuwa mata ta hanya biyu. Akwai ƙerarriya, watau 'yan kunne da sarƙa da awarwaro waɗanda alhazai da 'yan kasuwa ke kawowa daga Makka da Dubai. Akwai kuma ɗanya, wadda ke biyo masu dawowa daga wuraren haƙa na ƙasashen Anka da Bukkuyum da Yawuri. Wata ta kan ratso ta ƙasar Kebbe, wadda ke kudu da Tambuwal, tana maƙwabtaka da Gummi ta Jihar Zamfara.

A cikin wani zaure na garin muka iske wani tsohon maƙerin fari, wanda ya fara riƙe zugazugi tun zamanin En'e. Ya roƙe mu kada mu buga sunansa, don yanzu ba kowa ke son a san yana taɓa zinariya ba, mu kuwa muka amsa masa. Yana da yaro guda, saurayi ɗan ƙasar Kebbe, wanda ubansa ya kawo shi koyon sana'a shekara uku da suka wuce. Mun yi kwana biyu muna zuwa wurinsu, muka kuma yi dace da wani ciniki wanda ya nuna mana dukan abin da tsohon ya ke koyarwa. Shi ne za mu ba masu karatu labari.

HANNU KAFIN IDO

Yaron ya gaya mana shekararsa ta fari bai taɓa zinariya ba ko sau ɗaya. Aikinsa zuga wuta, da fasa gawayi, da share zaure. Sharar ma ba a zubarwa, a wani tulu a ke tarawa, don a cikinta akwai ɓurɓushin da magagari ya ci, in shekara ta kewayo a wanke a fitar. Da shekara ta biyu ta kama, sai tsohon ya ɗauko wata 'yar jakar fata mai ƙwallo huɗu a ciki, girmansu ɗaya, ba su wuce ƙwarar gujiya ba. Ɗaya na tagulla, ɗaya na azurfa, ɗaya na dalma, ɗaya na zinariya. Ko wace safiya yaro ya rufe ido, ya sa hannu, ya zaro, ya faɗi sunan abin da ya zaro.

Dalilin wannan wasa a fili ya ke ga wanda ya san lissafinsa. In aka ɗauki ƙarfe da ruwa masu girma ɗaya aka auna, tagulla ta kan ninka ruwa nauyi sau 8 da rabi, azurfa sau 10 da rabi, dalma sau 11 da ɗoriya, zinariya tsantsa kuwa sau 19 da ɗoriya. Watau zinariya ta fi tagulla nauyi fiye da ninki biyu. Wanda hannunsa ya saba, da ya ɗora abu a tafinsa zai ji ko nauyin ya dace da girman.

Tsohon ya ce da mu, da irin Hausarsa ta Sakkwatanci, "Ido shi a maƙaryacin farko. Launi kowa na iya yin shi. Nauyi kau ba a shafa shi da hannu."

Bayan nauyi sai taushi. Zinariya tsantsa tana da laushi ƙwarai, in an lanƙwasa siririn zarenta ya kan tsaya inda aka bar shi, ba ya yunƙurin komawa. In an yar da ita bisa uwar maƙera sai ka ji ƙara gajeriya, kamar an yar da dalma. Wadda aka gauraya da jan ƙarfe ta fi tauri, ta kuma fi zaƙin ƙara. Tagulla kuwa, in ka murza ta da yatsa mai gumi ka sansana, za ka ji ƙarninta, zinariya ba ta da wari ko kaɗan.

In gari aka kawo, watau zinariyar da aka wanko daga yashi, sai a zuba a farantin tangaran a baje da tsinke. Zinariyar rafi ƙwayoyinta a daddaɗe su ke, gefensu ya goge, don ruwa ya daɗe yana mirgina su. In aka ga ƙwayoyi masu kaifi, a nannaɗe, to magagari ne ya fitar da su daga tagulla aka zuba don ƙarin nauyi. Ɗigon asid ɗaya ya isa ya tona wannan, gama tagulla za ta tafasa ta yi kore, zinariya ta tsaya kamar ba a taɓa ta ba. Akwai kuma wani dutse mai ƙyalli wanda ke ruɗin sababbin mahaƙa. Shi ba ya wahalad da kowa: a ɗora a uwar maƙera a buga, in zinariya ce ta baje kamar ganye, in dutsen nan ne ya farfashe ya zama baƙin gari. Mayen ƙarfe yana da amfani wajen tsame baƙin yashi daga gari, amma kada a dogara gare shi, don kamar yadda ba ya jan zinariya, haka ba ya jan tagulla.

BAƘIN DUTSE DA ALLURAI

Hannu yana iya raba zinariya da abin da ba zinariya ba. Amma ba ya iya faɗin ko nawa ne tsantsa a cikin gauraye, nan kuwa kuɗin ya ke. A nan sai mu yi wa masu karatu bayanin karat. An raba nauyin ko wane abin zinariya kashi 24. In duka 24 ɗin zinariya ne, a ce karat 24. In kashi 22 zinariya ne, 2 kuwa azurfa ko jan ƙarfe, a ce karat 22. Lambobin nan da a ke gani an buga a bayan awarwaro maganar ke nan da su ke yi, sai dai su cikin dubu su ke lissafi: 916 karat 22 ke nan, 875 karat 21, 750 karat 18. Tsohon ba ya ko duban lambar. Ya ce wanda ya iya ƙera awarwaro ba zai kasa ƙera hatimi ba.

Abin da ya ke dogara gare shi wani baƙin dutse ne mai santsi, tsawonsa bai fi yatsa ba, wanda ya gada daga ubangidansa. Tare da shi akwai waɗansu 'yan sanduna a zarge da waya, yana ce musu allurai, ko wace an liƙa mata a baki zinariyar da aka tabbatar da karat ɗinta: 14, 18, 21, 22. In an kawo abu, sai a goga shi a dutsen ya bar zane. A goga allurai biyu ko uku a gefensa, su ma su bar nasu. Sa'an nan a ja ɗigon asid ya ratsa zanen duka a lokaci guda.

Asid iri biyu ne. Na fari, wanda a ke kira naitirik, yana cinye tagulla da azurfa da zinariyar da ta yi ƙasa ƙwarai, amma ba ya iya komai da karat 18 ko abin da ya fi. Don waɗannan sai na biyu, wanda aka ƙara wa ƙarfi da ɗan asid na gishiri, shi yana cin zinariya kanta a hankali. To, zanen da ya riga dushewa shi ne mai ƙarancin zinariya. In zanen baƙo ya dushe tare da na allurar 18, to 18 ne. In ya jimre har ya yi kafaɗa da na 22, to 22 ne. Gwani ya kan kusanci gaskiya da kamar rabin karat ta wannan hanya. Sai dai dutsen yana da iyaka guda, wadda yaron ya koya a gabanmu: abin da ya taɓa shi kaɗai ya ke ba da labari, watau fatar waje.

MUTUMIN DA YA ZO DA DUNƘULE

Ran kwana na biyu da hantsi, tsohon ya tafi gaisuwar mutuwa a wata unguwa. Cikin 'yan watannin nan ya fara barin yaron ya yi ƙananan ciniki shi kaɗai. Muna zaune sai ga wani magidanci, manomi daga wani ƙauye na ƙasar Kebbe. Bayan gaisuwa ya kwance bakin rawaninsa, ya fito da wani dunƙule kamar ƙaramin goro, rawaya shar. Ya ce wani wanda ya dawo daga wurin haƙa ne ya ba shi a madadin kuɗin shanunsa na huɗa guda biyu, aka ce masa karat 22 ne. Ga damina ta gabato, so ya ke ya sayar ya maye gurbin shanun.

Yaro ya karɓa ya jinjina a tafinsa, ya ji nauyi. Ya ɗora a sikeli, giram 30 cif. Ya goga a dutse sau ɗaya, ya goga allurar 21 da ta 22, ya ja asid. Zanen ya tsaya daram tare da na 22. Sai murna ta kama shi, ga ɗan ƙasarsu, ga kaya mai kyau, ga dama ta samu ya nuna wa maigida ya ƙware. Har ya ɗauko takarda ya fara lissafi, sai ga tsohon ya yi sallama.

Ya zauna, ya karɓi dunƙulen, ya rufe ido, ya yi ta juya shi a hannu, bai ce uffan ba. Can ya ce, "Yaro, mi ka gani?"

Yaro ya ce, "Baba, 22 ne. Ga zanen nan bai goge ba."

"Sau nawa ka goga?"

"Sau ɗaya, Baba."

"Ka tambayi hannu, ka tambayi dutse. Ka tambayi ruwa?"

Yaro ya sunkuyad da kai. Tsohon ya dubi manomin ya ce, "Malam, ka yi muna haƙuri. Kayanka na da girma, ba a yi mai shari'a da shaida guda."

SHAIDAR RUWA

Gwajin ruwa tsohon ilmi ne. Littattafai sun ce Arkimidis, masanin nan na Yunanawa, shi ya gano shi fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, sa'ad da sarkinsu ya yi shakkar maƙerin da ya yi masa kambi. Albiruni kuma, a ƙarni na 11, ya auna nauyin zinariya da ruwa ya sami abin da ya kusanci lissafin masana na yau ƙwarai. Tsohonmu bai karanta ko ɗaya daga cikinsu ba, daga ubangidansa ya koya, ƙaramin sikelin lantarki na zamani kuwa ya sauƙaƙa masa aikin.

Ga yadda yaron ya yi a gabanmu. Ya ɗora ƙaramin kofi da ruwa a kan sikeli, ya mai da lambar sifiri. Ya ɗaure dunƙulen da zare siriri, ya zura shi cikin ruwan har ya nutse, amma bai bari ya taɓa gindin kofi ko gefensa ba. Lambar da sikeli ya nuna ita ce nauyin ruwan da dunƙulen ya ture. Sai a raba nauyin dunƙule da wannan lamba. Giram 30 na zinariya tsantsa zai nuna kamar 1.55. In karat 22 ne zai nuna kamar 1.7, a raba 30 da 1.7 a sami 17 da rabi da ɗan ɗoriya. In tagulla ce aka shafa wa ruwan zinariya zai kai 3.5. Dunƙulen manomin ya nuna giram 2 daidai. A raba 30 da 2, ya ba da 15, wannan kuwa lambar karat 18 ce.

Ku dubi bambancin, jama'a. Giram 30 na karat 22 yana ɗauke da tsantsa giram 27.5, na karat 18 kuwa giram 22.5. Tsakaninsu giram 5, fiye da miskali guda ke nan, don miskali giram 4 da kwata ne bisa lissafin da malamai da yawa ke bi. Da an biya a kan 22, da maigida ya yi hasarar da ribar watanni ba ta mayarwa.

Nan take fuskar yaron ta sāke. Wanda ɗazu ya ke kira ɗan'uwa, yanzu ya harare shi ya ce, "Ashe cuta ka zo da ita!"

Tsohon ya daka masa tsawa ya ce, "Kul! Ɗazu ka yi gaggawar yarda, yanzu kana gaggawar zargi, duk ciwo guda na. Wa ya ce maka ruwa ba shi ƙarya?"

Sai ya bayyana masa. Mahaƙa da yawa da zaiba su ke kama zinariya daga niƙaƙƙen dutse, sa'an nan su ƙona zaibar ta tashi. Abin da ya rage ya kan zama kamar soso, da ƙananan ramuka a ciki. In ba a narke shi sosai ba, iska ta kan maƙale a ramukan nan, girmansa ya ƙaru nauyinsa bai ƙaru ba, sai ruwa ya kushe shi alhali mai kyau ne. Haka awarwaro mai rami a ciki, da zobe mai dutse, ruwa ba ya faɗin gaskiyarsu. Ko 'yar kumfa da ta manne wa abu tana ɓata lissafi. Akwai ma wani ƙarfe, tangistan, wanda nauyinsa ya yi kusan daidai da na zinariya, ruwa ba ya raba su, ko da ya ke ba ya narkewa a maƙera irin tamu. Saboda haka yanzu shaidu biyu sun saɓa: dutse ya ce 22, ruwa ya ce 18. Sai a kira na uku.

HUKUNCIN WUTA

Duk gwajin da aka yi zuwa yanzu bai rage wa kayan komai ba. Na gaba kuwa sai an ji masa rauni, don haka tsohon bai taɓa ba sai da ya nemi izinin mai shi a gabanmu, mu ne shaidu. Wannan doka ce a zauren: a fara da gwajin da ba ya ɓata kaya, a ƙare da wanda ke ɓatawa, kuma kada mai kaya ya ɗaga daga wurin.

Aka shimfiɗa farar takarda don tare ɓurɓushi, yaro ya sa magagari ya yi tsaga mai ɗan zurfi a gefen dunƙulen. Ko mu da ba maƙera ba mun ga launin ciki ya fi na waje ja. Ya goga cikin tsagar a dutse da ƙarfi, sau huɗu a wuri ɗaya, ya jera allurai, ya ja asid. Wannan karo zanen ya dushe tare da na 18.

Tsohon ya nuna masa yadda a ke wannan dabara, gama su kansu maƙera suna yin ta don ƙawata kayan ado. In zinariya tana da jan ƙarfe a ciki, aka gasa ta, jan ƙarfen da ke fatarta ya kan ƙone ya yi baƙi. A dafa ta cikin ruwa mai tsami ko asid, baƙin ya wanke. A sāke gasawa, a sāke dafawa. In an maimaita sau da dama, fatar waje ta kan zama kusan tsantsa, ciki kuwa yana nan yadda ya ke. Wanda ya goga a hankali sau ɗaya, fatar kaɗai ya karanta. Ko na'urar nan mai haske da a ke gwada zinariya da ita a manyan kasuwannin birane, ita ma ba ta shiga can ciki, sai an tsaga ko an narke.

Daga nan aka fita tsakar gida, inda iska ke kaɗawa. Aka sa dunƙulen duka a ɗan kaskon narki, aka barbaɗa masa farin sinadarin nan da ke tattara dauɗa, yaro ya kama zuga. Zinariya tsantsa sai zafi ya kai digiri 1064 ta ke narkewa, gaurayayya ta kan riga ta kaɗan. Tsohon ya ce masa ya dubi harshen wuta, muka ga ya ɗan yi kore, alamar jan ƙarfe ke nan. Da farin hayaƙi ne ya tashi, da an san akwai tutiya, watau tagulla aka zuba. Da ya narke ya dunƙule aka zuba a mazubi, aka bar shi ya huce don kansa. Zinariya tsantsa ta kan fito wuta da launinta, fuskarta tana sheƙi, da ɗan lotsawa a tsakiya. Wannan kuwa ya fito da baƙar fata. Aka wanke shi, aka sāke tambayar ruwa, ga shi yanzu babu sauran rami a cikinsa, lissafi ya sāke ba da 15. Aka ɗan bubbuga gefensa da guduma bai tsage ba, tsohon ya ce to babu dalma, don dalma ko 'yar kaɗan ce ta kan sa zinariya ta tsattsage a ƙarƙashin guduma.

Mu mun zaci an gama, ashe da saura. Tsohon ya yanki giram 1 daidai, ya haɗa da azurfa giram 2 da rabi, ya narke su tare. Muka tambaye shi dalilin ƙara azurfa ga abin da a ke son tsarkakewa. Ya ce in zinariya ta yi yawa a cikin gauraye, ta kan kāre sauran ƙarafa, asid ba ya isa gare su. Sai an tsinka ta har ta koma kamar kashi ɗaya cikin huɗu, sa'an nan asid ya sami hanyar shiga. Aka buge ƙwallon ya zama falle, aka sa a kwalba mai jure wuta da asid naitirik, aka ɗumama. Jan hayaƙi ya tashi, tsohon ya kore mu duka zuwa inda iska ke fitowa, ya ce hayaƙin nan yana cin huhu. Aka zubad da ruwan a wani mazubi dabam, don azurfar na ciki za a fitar da ita daga baya. Aka sāke zuba sabo, aka sāke ɗumamawa, har hayaƙi ya daina. Abin da ya rage wani gari ne mai launin ƙasa, wanda in ka gan shi a hanya ba za ka duƙa ba. Aka ɗauraye shi sau uku, aka shanya, aka gasa, sai ga shi ya koma rawaya. Aka ɗora a sikeli: kashi 75 cikin ɗari na giram. Karat 18 ke nan, ba sauran gardama.

Lokacin nan an yi kiran sallar la'asar. Cinikin da yaro ya so ya gama cikin minti goma ya ci yini guda.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Manomin ya yi zugum, idonsa ya kawo ruwa. A bayyane ya ke shi aka cuta, ba shi ya zo cuta ba, don macuci ba ya zama ya jira a narke kayansa. Tsohon ya biya shi kuɗin tsantsar da aka samu bisa farashin ranar, bai rage masa ladan gwaji ba. Ya kuma sa yaron ya rubuta masa takarda: nauyi kaza, karat kaza, an gwada da dutse da ruwa da wuta, a gaban shaidu, don in zai kai ƙara wurin hakimi ko alƙali ya sami abin riƙewa. Sa'an nan ya sa yaron ya ba shi haƙuri a kan kalmar da ya gaya masa. Yaro ya durƙusa ya ce, "Kawu, ka yafe mini, bakina ya riga hankalina." Manomin ya ce ya yafe.

Da baƙo ya tafi, tsohon ya ce wa yaron, "Na ji nauyin ya gaza tun da na ɗauka, amma ban ce ba, don hannu na shekara sittin ma shaida guda na. Ran da ka ji ranka na son kaya su zama masu kyau, ran nan ka ƙara gwaji."

Akwai wani haƙuri kuma da ya ke koya masa, wanda ya shafi rai. Ba ya yarda a kawo ɗanyen dutse a daka a gidansa, ba ya kuma ƙona zaiba a zaure, don tururinta yana taɓa jijiya har hannu ya riƙa rawa, maƙerin da hannunsa ke rawa kuwa ya gama sana'a. Masu karatu za su tuna abin da ya auku a shekarar 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, inda aka riƙa niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje, ƙurar ta hallaka yara fiye da 400. Wuraren nan ba su da nisa da garin su yaron.

Muna jan hankalin malaman da ke rubuta dukiyar gado a kotuna da ofisoshin hakimai. Kada a rubuta "awarwaron zinariya guda biyu" kurum a wuce. A rubuta nauyi da giram, a rubuta karat, a rubuta wanda ya gwada da irin gwajin da ya yi, gama mun ga yadda giram 5 ke ɓuya a cikin abin da bai fi goro ba, haƙƙin maraya kuwa ba abin wasa ba ne. Haka wajen zakka, wadda nisabinta miskali 20 ne, kimanin giram 85, sanin karat yana da amfani ga mai lissafi. Malaman makaranta kuma, ga darasin rabawa wanda ba ya bukatar komai sai kofi da zare da ƙaramin sikeli. A gwada da ƙusa, da mabuɗin tagulla, da guntun dalma, yara su fitar da lambar ko wane da kansu.

Da muka zo sallama washegari, mun iske yaron shi kaɗai a zaure, wata tsohuwa ta aiko jikanta da ɗan kunne guda a gwada mata. Bai kai giram 2 ba. Ya jinjina, ya goga sau huɗu, ya jera allurai, sa'an nan ya ce da ɗan aiken ya koma ya tambayo ko ta yarda a ɗan tsaga bayansa. Tsohon yana gefe kan buzunsa yana jan carbi, bai ko ɗago kai ba. Allah ya ba mu haƙurin bincike kafin hukunci, amin.